Littafin aikina a kan N₂O₄ da NO₂: abin da ke faruwa in an matse mazubi ya koma rabi

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

A wannan zangon an ba ni ajin masu shirin jarrabawar IJMB, kuma babin daidaiton sinadarai ne a gabanmu. Kafin mu fara na yi musu tambaya ɗaya. Ga gas a rufe cikin mazubi, ya riga ya kai daidaito, sai aka matse mazubin ya koma rabin girmansa: ina zai karkata, kuma mol nawa zai kasance na kowane sinadari in ya sake natsuwa? Mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari. Su ashirin da uku ne. Kusan kowa ya biya mini ƙa'idar Le Chatelier kamar hadda, cewa in matsi ya ƙaru sai a koma ɓangaren da mol na gas ya fi ƙaranci. Da na ce to a ba ni adadi, sai aji ya yi tsit.

Abin ya dame ni, domin haddar gaskiya ce, amma ba ta kai mutum ga lamba ko ɗaya. Na yanke shawarar mu ɗauki haɗi guda mu bi shi har ƙarshe, maimakon mu taɓa goma sama-sama:

N₂O₄ ⇌ 2NO₂

Na zaɓe shi ne saboda ana ganinsa da ido. N₂O₄ ba shi da launi, NO₂ kuwa ruwan ƙasa ne mai ja-ja. In mun gama lissafi a allo, ina so mu sa gas ɗin a sirinji mu matse, mu ga ko ido zai yarda da alƙalami. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Yau bambancin K da Q kawai muka yi. Na rubuta musu siffar sau ɗaya:

Q = [NO₂]² / [N₂O₄]

Alamar [ ] tana nufin kauri, wato mol nawa ne a cikin lita ɗaya. Siffar K ma ita ce wannan, babu abin da ya raba su a rubuce. Abin da ya raba su shi ne lokacin da aka auna. Q kana iya lissafa shi a kowane lokaci da kaurin da ke cikin mazubi a wannan lokacin. K kuwa shi ne darajar da Q ke tsayawa a kai in komai ya natsu, kuma ba ya motsi muddin zafi bai canja ba. In Q ya fi K girma, na sama ya yi yawa, sai haɗin ya koma hagu don ya rage shi. In Q bai kai K ba, sai ya tafi dama.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, to in an matse, ai K ne ke canjawa, shi ya sa ake karkata." Rabin ajin suka gyaɗa kai. Nan na gane inda gizo ke saƙa. Na ce masa a'a, K yana nan inda yake. Matsewa Q take turawa ya bar wurinsa, shi kuma haɗin ya yi ta aiki har Q ya dawo. Ban tabbata ta zauna musu ba. Sai da lambobi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na zauna a gida na shirya misalin da za mu riƙe. A zafin digiri 100, K na wannan haɗin 0.212 ne. Na ɗauki mazubi mai lita 2.00, da mol 0.200 na N₂O₄ da mol 0.291 na NO₂. Kaurinsu ke nan 0.100 da 0.1455. Na gwada: 0.1455 sau kansa, a raba da 0.100, ya ba da 0.212. To a daidaito muke tun farko.

Fotokofin takardar aiki shafi biyu, mutum ashirin da uku, naira 1,400.

Talata, 12 ga Nuwamba

Mataki na farko yau: lokacin da aka gama matsewa, kafin haɗin ya motsa. Lita 2.00 ta koma 1.00, zafi yana nan a 100.

Mutum bakwai sun raba kauri biyu maimakon su ninka shi. Dalilinsu, tunda an ce rabi, komai rabi ne. Na tambaye su, in aka kwashe mutanen ɗaki biyu aka zuba a ɗaki ɗaya, cunkoso raguwa yake yi ko ƙaruwa? Suka yi dariya suka gyara. Mol bai je ko'ina ba, filin ne ya ragu, saboda haka kowane kauri ya ninka: N₂O₄ ya zama 0.200, NO₂ ya zama 0.291.

Q = (0.291)² / 0.200 = 0.423

K kuma 0.212. Na bar lambobin biyu a allo ban ce komai ba, sai wata ɗaliba a layin gaba ta ce, "Malam, ai ninki biyu ne." Haka ne, kuma ba dace ba ne. Na sama an ninka shi biyu sannan aka yi masa sukwaya, ya zama ninki huɗu. Na ƙasa ninki biyu kawai ya samu. Huɗu a raba da biyu, biyu. Tunda Q ya fi K, sai a koma hagu: wasu ƙwayoyin NO₂ za su haɗu bibbiyu su zama N₂O₄. Ga amsar da suka haddace ta fito da kanta, kuma yanzu sun ga daga inda ta fito.

Ɗalibin nan na ranar Laraba ya dubi allon ya ce, "Wato 0.212 ɗin ba a taɓa shi ba." Na ce ba a taɓa shi ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na faɗaɗa abin da ɗalibar ta gano. In aka mai da mazubi rabi, Q yana zama K sau 2 mai ƙarfin Δn, inda Δn yake nufin mol na gas a dama a cire na hagu:

Q = K × 2^Δn

A namu Δn ɗaya ne, Q ya zama 2K. A haɗin amoniya, N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, biyu a cire huɗu ya ba da −2, sai Q ya faɗi zuwa rubu'in K, haɗin ya tafi dama. Dalilin da ya sa ke nan masana'antun da ke yin amoniya, wadda daga ita ake yin takin yuriya da manomanmu ke saya, suke aiki a matsin da ya haura ninki ɗari na matsin iskar da muke shaƙa. A H₂ + I₂ ⇌ 2HI kuwa Δn sifili ne, Q bai bar K ba, ko an matse babu karkata. Mun yi waɗannan biyun da baki kawai muka wuce.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na warware kashi na biyu ni kaɗai kafin in kai aji, don in san duk ramukan da ke hanya.

Bari x ya zama kaurin N₂O₄ da zai ƙaru. Kowane N₂O₄ ɗaya yana cin NO₂ biyu, saboda haka NO₂ zai ragu da 2x. A sabon daidaito N₂O₄ zai zama 0.200 + x, NO₂ kuma 0.291 − 2x. Sai a sa su cikin K:

(0.291 − 2x)² = 0.212(0.200 + x)

In an buɗe baka an tattara komai gefe ɗaya:

4x² − 1.376x + 0.04228 = 0

Kwadiratik ce, tana ba da amsa biyu: 0.0341 da 0.310. Ta biyun ba ta yiwuwa, domin 2x zai zama 0.620, alhali duk NO₂ da muke da shi 0.291 ne. Ba a cire abin da babu. Saura x = 0.0341.

Sabon kaurin N₂O₄ ya zama 0.234, na NO₂ ya zama 0.223. Tunda mazubin lita ɗaya ne, su ne kuma adadin mol. Na mai da su cikin Q don in tabbatar, 0.2228 sau kansa a raba da 0.2341, ya dawo 0.212.

Akwai abin da na daɗe ina kallo a takardar, kuma shi nake so ya zama zuciyar darasin. Mol na NO₂ ya ragu, daga 0.291 zuwa 0.223. Amma kaurinsa ya tashi, daga 0.1455 zuwa 0.223, sama da ninki ɗaya da rabi. Karkatar hagu ba ta goge matsewar ba, wani yanki kawai ta ci daga ciki. Matsi ma haka: ya tashi daga kusan 7.5 atm, wato ninki 7.5 na matsin iskar da muke shaƙa, zuwa 15.0 a lokacin matsewa, sannan ya sauko ya tsaya a 14.0, nesa ƙwarai da inda ya faro. Wanda ya tsaya a hadda zai ce an koma ɓangaren marar launi, don haka gas zai yi haske. Lissafi ya ce zai fi da duhu.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ranar ta yi mini nauyi. Na ba su lissafin su yi bibbiyu, na riƙa zagayawa, kuma amsoshi uku daban-daban suka fito.

Rukuni na farko sun samu 0.0341, babu magana.

Rukuni na biyu sun gudu daga kwadiratik. An koya musu a babin asid cewa in x ƙarami ne ana iya watsar da shi, sai suka mai da 0.200 + x ya zama 0.200. Suka samu x = 0.0425. Na ce su raba 0.0425 da 0.200. Ya ba da kashi 21 cikin ɗari, alhali wannan gajeriyar hanyar ba ta halatta sai x bai wuce kashi 5 ba. Da suka mai da amsarsu cikin Q, 0.175 suka gani maimakon 0.212. Wannan kuskuren mai sauƙin kamawa ne, gwajin K ya tona shi nan take.

Rukuni na uku ne suka tsayar da ni. Sun manta da 2 ɗin da ke gaban x, suka rubuta 0.291 − x. Sun warware kwadiratik ɗinsu daidai, suka samu x = 0.0574, wato NO₂ 0.2336, N₂O₄ 0.2574. Na ce amsar ba daidai ba ce. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini kalkuleta ya ce, "Malam, ai kai ka ce mu gwada da K. Ga shi, 0.212." Na danna da hannuna, 0.212 ɗin ne. Na ɗan yi shiru, domin ni na gaya musu cewa in K ya dawo to an yi daidai, kuma ga shi a gabana maganar ba ta cika ba.

Sai da na koma allo na gane yadda zan bayyana. Gwajin K yana tabbatar da cewa ka warware lissafin da ka rubuta, ba ya tabbatar da cewa lissafin da ka rubuta shi ne na gaskiya. Akwai lambobi bibbiyu marasa iyaka da za su ba da 0.212. Guda ɗaya ne kawai a cikinsu ya dace da kayan da muka zuba a mazubi. Na ce mu ƙirga naitirojin. Kowane N₂O₄ yana ɗauke da biyu, kowane NO₂ ɗaya. Kafin matsewa, biyu sau 0.200 a tara da 0.291, ya ba da 0.691. A amsar rukuni na farko, biyu sau 0.2341 a tara da 0.2228, ya ba da 0.691. A amsar rukuni na uku, 0.748 ya fito. Na tambaye su daga ina ƙarin naitirojin ya shigo mazubin da ke rufe. Mai kalkuletar ya ce, "Mun ƙirƙiro shi ne, Malam."

Daga yau gwaji biyu ne dole a ƙarshen kowace amsa: K ya dawo, kuma ƙidayar naitirojin ta tsaya yadda take. Laifina ne da na ba su ɗaya kawai tun farko.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ina duba takardunsu sai na ga wata matsala a misalin da na shirya da kaina. Na zaɓi mazubin ƙarshe ya zama lita 1.00 don sauƙi, ashe sauƙin yana ɓoye ɓarna. A lita ɗaya mol da kauri lamba ɗaya ce, saboda haka wanda ya zuba mol kai-tsaye cikin Q, bai raba da lita ba, zai ci daidai ba tare da ya san ya kauce ba. Aƙalla mutum biyar haka suka yi.

Na sake rubuta tambayar da rabin kayan: lita 1.00 mai mol 0.100 na N₂O₄ da 0.1455 na NO₂, a matse ta koma lita 0.500. Kauri bai bambanta da na da ba, x ma 0.0341 ne, amma wannan x ɗin mol ne a lita, ba mol ba. Sai an ninka da 0.500 a ƙarshe, a samu mol 0.117 na N₂O₄ da 0.111 na NO₂. Wanda ya tsallake raba wa lita a farko, ko ninkawa a ƙarshe, yanzu zai fito fili.

Talata, 26 ga Nuwamba

Sun yi sabuwar tambayar. Goma sha shida sun kai ƙarshe lafiya, huɗu sun tsaya a kauri sun kira shi mol, uku har yanzu kwadiratik ce ke kayar da su. Waɗannan ukun zan zauna da su ranar Alhamis bayan la'asar.

Na sayi sirinjin roba biyu masu cin mililita 60, naira 1,600, da safar hannu da marfin toshe baki, naira 900. Asid ɗin naitirik mai kauri akwai a ɗakin gwaji. Jan ƙarfe kuwa guntun wayar lantarki na fere.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwajin farko, ni da Baba mai kula da ɗakin gwaji kawai, babu ɗalibi. Ya girme ni nesa kuma ya daɗe yana wannan aikin. Abu na farko da ya ce shi ne mu fitar da teburin waje, bayan ɗakin, mu tsaya iska na kaɗawa daga bayanmu. Ya ce, "Malam, wannan jan hayaƙin ba ya nuna muguntarsa nan take. Mutum zai shaƙa ya tafi gida lafiya, sai dare ƙirji ya cika." Gaskiya ya faɗa, NO₂ yana iya sa huhu ya tara ruwa bayan sa'o'i. Mun sa tabarau da safar hannu, kuma wayar da muka jefa a asid 'yar guntuwa ce kawai. Wannan ma ya ishi sirinji.

Cu + 4HNO₃ → Cu(NO₃)₂ + 2NO₂ + 2H₂O

Ruwan ya koma kore, jan hayaƙi ya taso ta bututu, muka bar na farko ya kore iskar da ke ciki, sannan muka cika sirinji har 60 muka toshe. Da sassafe ne, sanyin hunturu ya fara sauka, ma'aunin zafi yana nuna 21. Na tura sandar a hankali. Kafin in kai 30 sai na ga jikin sirinjin ya yi raɓa daga ciki, ɗigo-ɗigo masu launin rawaya-rawaya suna gangarowa, kuma sandar ba ta turjewa yadda na zata.

Na ɗauka danshi ne ya biyo gas ɗin, kuma wataƙila akwai shi. Amma da na koma na duba, babban dalilin a fili yake: N₂O₄ yana tafasa ne a wajen digiri 21. Wato a sanyin safiyar nan gas ɗin yana bakin zama ruwa tun kafin a taɓa shi, ƙaramin matsi ya isa ya mai da shi ruwa. Da zarar ruwa ya bayyana, lissafinmu ya rushe, domin mun gina shi ne a kan cewa duk kayan suna nan a matsayin gas. Na yi mako uku ina aiki da digiri 100 a takarda, ban tsaya na tambayi kaina me zai faru a 21 ba.

Muka zuƙo ruwan soda cikin sirinjin don ya kashe gas ɗin, muka wanke. Robar sandar ta riga ta fara yin danƙo, NO₂ yana cin ta. Sirinji ɗaya ya tafi.

Litinin, 2 ga Disamba

Gyara biyu. Za mu yi gwajin da rana tsaka, in gari ya ɗumama, kuma za mu surka gas ɗin da iska, kamar kashi biyu na gas da uku na iska. Iskar ba ta shiga cikin Q, tunda ba ta cikin haɗin. Aikinta kawai ta rage kaurin gas ɗin yadda ko an matse ba zai kai ga zama ruwa ba.

Na sake lissafi da yanayin da ya fi kusa da namu. A digiri 25 littafin da muke bi ya ba da K = 0.0046, ƙarami ƙwarai in aka kwatanta da 0.212, domin rabuwar N₂O₄ tana shan zafi, kusan kilojul 57 a kowane mol, sanyi kuwa yana hana ta. Na ɗauki N₂O₄ a 0.0100, NO₂ a 0.00678. In an matse zuwa rabi, hanya ɗaya aka bi, NO₂ ya yi tsalle zuwa 0.01356 sannan ya tsaya a 0.0100. Ninki 1.48 ke nan na kaurin farko.

Da 1.53 a misalin farko da 1.48 a wannan, sai na nemi dalilin da ya sa suke kusa. Ba zai kai ninki 2 ba, tunda an koma hagu. Ba zai kuma yi ƙasa da √2 ba, wato 1.41, domin [NO₂] shi ne √(K × [N₂O₄]), kuma N₂O₄ ya fi ninki biyu a ƙarshe. Duk amsar da ba ta faɗo tsakanin 1.41 da 2 ba a wannan haɗin, akwai kuskure a cikinta. Zan ba su wannan a matsayin duba na ido kafin su taɓa kalkuleta.

Alhamis, 5 ga Disamba

Mun yi a gaban ɗalibai, ƙarfe ɗaya na rana, a waje. Baba ya cika sirinjin shi kaɗai can gefe, ya toshe, sannan ya kawo. Na sa farar takarda a baya. Kafin in taɓa, na ce kowa ya rubuta hasashensa. Goma sha tara sun rubuta zai fi duhu, huɗu sun rubuta zai yi haske.

Na tura sandar da sauri daga 60 zuwa 30 na riƙe. Launin ya yi duhu sosai nan take, sannan cikin 'yan daƙiƙu ya ɗan washe, ya tsaya. Inda ya tsaya ya fi na farko duhu, kowa ya gani. Babu raɓa a wannan karon. Na saki sandar, ta koma, launin ya koma yadda yake.

Nan take wani ya ce, "Mun ga karkatar da idonmu, Malam! Duhun farko shi ne 0.01356, washewar ita ce komawa hagu." Na so ƙwarai in ce masa haka ne, domin ya yi daidai da zanen da ke allo. Amma ba haka ba ne, kuma ban ga amfanin in bar su da bayani mai daɗi wanda ba gaskiya ba. Wannan haɗin yana da saurin gaske, yana kai daidaito a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kafin hannuna ya gama turawa ya riga ya karkata. Matakin da muke kira bayan matsewa, kafin motsi, a takarda kawai yake, dabara ce ta lissafi. Abin da ido ya gani zafi ne. Gas in an matse shi da sauri yana ɗumama, kamar yadda famfon mai faci ke yin zafi a hannu in ana ba taya iska. Ɗumin ya ɗaga K na ɗan lokaci, NO₂ ya ƙaru, launi ya yi duhu. Da zafin ya fita ta jikin sirinji, K ya dawo, launin ya sauko.

Don su tabbata na sake turawa, a hankali wannan karon, ina ƙirga har ashirin. Launin ya riƙa duhu sannu a hankali har ya kai inda ya tsaya ɗazu, babu wani tsalle da dawowa. Ɗalibin nan da ya ce K ne ke canjawa ya ɗaga hannu ya ce, "To a turawar farko K ya canja ke nan." Na ce ya canja, amma zafi ne ya canja shi, kuma shi ya sa kowace tambaya take cewa zafi yana nan yadda yake.

Abu ɗaya bai yiwu ba. Na so su leƙa ta tsawon sirinjin, daga baki zuwa sanda. Ta gefe, kauri ido ke gani, shi ya sa ya yi duhu. Ta tsawo kuwa, duk NO₂ da ke ciki yana kan hanyar haske ko an matse ko ba a matse ba, saboda haka jimillar mol ido zai gani, kuma ita ta ragu zuwa kusan kashi 74 cikin ɗari. Kamata ya yi a ga ya yi haske ta nan. Amma baƙar robar sanda ta tare hasken, bakin sirinjin kuma ba garau yake ba. Ba mu ga komai ba, kuma ban yarda kowa ya kai bakin sirinjin kusa da fuskarsa ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Sirinji na biyu ma robarsa ta lalace, na wanke na zubar. Jimillar abin da na kashe naira 3,900.

Baba ya ce akwai tsohon sirinjin gilashi a kabad, mai sandar gilashi, zai duba ko bai tsage ba. In yana da kyau, za mu ɗaure shi a kan katako mu haska tocila ta bayan sandar, hasken ya faɗa kan farar takarda, mu gwada kallon ta tsawo ba tare da kowa ya matso ba.

Ranar Talata gwajin aji: tambaya ɗaya a kan N₂O₄ daga lita 3.00 zuwa 1.50, da maki na musamman ga ƙidayar naitirojin. Bayan nan za mu shiga CaCO₃ ⇌ CaO + CO₂, inda daskararru ba sa shiga Q. A can in an matse zuwa rabi, kaurin CO₂ komawa yake daidai inda ya faro, mol ɗinsa ne ke zama rabi. Zan sa su rubuta hasashensu tukuna kafin in taɓa alli.